GARGAƊI: mai takardar "1 = 2" da ka yawo yana karɓar kuɗɗin mutane, ku kiyaye shi

Salamu alaikum jama'ar Sakkwato. Don Allah duk wanda anka tura ma wata takarda ta lissafi a Wasaf, wadda ta ƙare da 2 = 1 anka ja mata layi biyu da jan biro, kar ya tura ma kowa ko sisi sai ya karanta wanga bayani. Wani bawan Allah na, ba zan faɗi sunanshi ba, ya buɗe guruf shina cewa wai ya gano sirrin da Turawa sunka ɓoye cikin aljabara, wai lissafi da kanshi ya tabbatar ɗaya daidai take da biyu, saboda haka kuɗɗi na iya ninka kansu. Rajista dubu biyar, sannan ka zuba jari ya maido maka ninki bayan sati biyu. Ya fi zagaye 'yan makaranta masu shirin Wayek da matan aure masu adashi, an ce min an ga takardar Mabera, an gan ta wajen masu caji da sai da waya cikin babbar kasuwa, ƙanena ma sai da ta zo hannunai har ya fara neman rancen kuɗɗin rajista.

Ga abin da ke cikin takardar, haka yar rubuta shi:

```
1)  a = b
2)  a² = ab
3)  a² − b² = ab − b²
4)  (a + b)(a − b) = b(a − b)
5)  a + b = b
6)  2b = b
7)  2 = 1
```

Abin da yas sa take cin mutane shi na layuka huɗun farko duk gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya ciki. Layi na 2 ya ninka kowane ɓangare da a. Na 3 ya ɗebe b² hagu da dama. Na 4 kuma shi na wanda duk ɗan sakandare ya haddace, a² − b² ta koma baka biyu, yaro na ganin wannan sai ya ji ai abin da malam ya koya muna ne, sai ya saki jiki ya daina dubawa. To daidai nan anka yanke shi.

Ku bar haruffa, mu sa lamba. Tunda ya ce a daidai take da b, mu ce kowacce 5 ce. Layi na 1, 5 = 5, lafiya lau. Layi na 2, 25 = 25. Layi na 3, 25 a ɗebe 25 ta kowane ɓangare, sifili da sifili kenan, har yanzu gaskiya. Layi na 4, hagu 10 sau sifili, dama 5 sau sifili, duka sifili suka bayar, shi ma gaskiya ne. Yanzu ku dubi layi na 5, cewa yake 10 = 5. Nan ƙarya ta shigo, tsakanin 4 da 5, ba ƙasa can wurin jan biro ba.

Mi yay yi tsakaninsu? Ya soke (a − b) hagu da dama. Kuma sokewa a lissafi ba gogewa ba ce don abu biyu sun yi kama, rabawa ce, wato ya raba kowane ɓangare da (a − b). To nawa ne a − b? Shi da bakinshi a layin farko ya ce a = b, kenan a − b sifili ce tun daga farko, 5 a ɗebe 5. Ya raba da sifili amma ya sa mata rigar haruffa don kar a gane ta, da ya rubuta 10 × 0 = 5 × 0 ƙiri-ƙiri sannan ya ce saboda haka 10 = 5 ko ɗan firamare sai ya yi mai dariya.

Wasu za su ce to mi ya hana a raba da sifili, ba doka ce kawai ta malamai ba? Wallahi ba haka ba ne, dalili gare ta. Rabawa komawa baya ce daga ninkawa. In ka ce 12 a raba 3 ya ba da 4, nufinka 4 sau 3 ya maido 12, kuma 4 ɗin ce kaɗai ke iya yin haka. Gwada 12 a raba sifili, sai ka nemo lambar da in anka ninka ta da sifili za ta ba da 12, ka nema har gobe babu ta, komi ka ninka da sifili sifili za ka samu. Sifili a raba sifili kuma matsalarta ta juye, 5 ta yi, 10 ta yi, miliyan ma ta yi, amsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wannan ta biyun ita ce ke cikin takardar, sifili ta haɗiye 10 ta haɗiye 5 ta mai da su abu ɗaya, shi kuma ya zo yana cewa tunda sun zama ɗaya bayan haɗiya to dama can ɗaya suke. Da wagga dabara ina iya "tabbatar" maka 7 = 3 ko 1 = 1000, duk lambar da kake so, to ka ga abin da ke tabbatar da komi ai bai tabbatar da komi ba.

Ba sai kun yarda da ni ba, wayarku na hannunku. Ku buɗe kalkuleta ku buga 5 ÷ 0, ba za ta ba ku lamba ba. 'Yan makaranta masu Casio za su ga ta rubuta `Math ERROR`, masu aiki da Excel sun san `#DIV/0!` sarai.

Ga masu son su bi shi har ƙarshe, hanyar da ta dace da layi na 4 ita ce a kwaso komi gefe ɗaya ba tare da an soke komi ba, sai ya zama a(a − b) = 0. Ma'ana ko dai a sifili ce, ko a = b, wato mun dawo inda munka taso, babu wani sabon abu. In kuma a da b duka sifili ne to layi na 5 da na 6 sun zama gaskiya, 0 = 0, amma sai ya sake raba da b kafin ya kai layi na 7, sifili ce kuma. Ko ta ina ya bi sai ya taka ta.

Ku lura yana canza mata kaya. Ƙanena ya nuna min wata da x da y, wata kuma ta fara da x = 1 sannan can ƙasa a soke (x − 1), duk kanwar ja ce. Duk inda kunka ga an soke baka ko an raba da harafi, ku tsaya ku tambaya nawa ne abin nan in an sa lambobin farko, in ya fito sifili an gama magana. Da wani yaro ya rubuta mai haka cikin guruf ɗin bai ba shi amsa ba, cewa ya yi yaron bai da tawakkali, minti kaɗan ya fitar da shi ya kulle guruf sai shi kaɗai ke iya magana. Hotunan alat da yake turawa kuma ko na gaske ne ba lissafi ya haife su ba, kuɗɗin sabbin shiga ne ake ba na farko, yadda MMM ta yi har ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, da yawa cikinmu ba su manta ba.

Wanda ya riga ya tura, ya adana shaidar tiransifa da lambar asusun da hirarsu kafin a goge, ya je bankinshi da wuri ya kai ƙorafi, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda. Kar ya ƙara ko naira da sunan kuɗɗin cire riba, don shi na abin da ake nema na gaba. Iyaye kuma ku tambayi yaranku masu zuwa lasin ko takardar ta iso gare su, ku ba su biro su sa 5 cikin kowane layi a gabanku.