Saƙon da ke gyara da wanda ke ƙara fami

Wata telar mata a Gombe ta karɓi atamfa, ta yi alkawarin gamawa ranar Laraba. Kamu ranar Juma'a, kaya ba su iso ba sai Asabar. Ga saƙo iri biyu da za ta iya turawa.

Na farko: "Hajiya, ki yi haƙuri idan ranki ya ɓaci. Kin san halin wuta a garin nan." Wannan "idan" ita ce ta tona asiri. Ɓacin ran ya zama abin shakka, laifin ya koma kan lantarki, sannan aikin da ya rage duk na Hajiya ne, wato haƙuri. Telar kanta ba ta cikin saƙon. Wasu ma sukan ƙara da "Allah Ya ba ki haƙuri", addu'a mai kyau, amma nan an yi garkuwa da ita ne.

Na biyu: "Hajiya, na saɓa alkawari. Na karɓi ɗinki fiye da ƙarfina, kuma ban sanar da ke da wuri ba balle ki kai wa wani. Na sa kin je kamu babu anko. Ki yafe ni. Kuɗin ɗinkin zan mayar miki yau." Nan ta ambaci abin da ta yi da asarar da ta jawo, ta ɗora biya a kai. Ko ta kawo zancen wuta daga baya ba laifi, tunda ta riga ta ɗauki nauyin.

Tsawon saƙo bai nuna komai. Ana iya rubuta layi goma na kuka da rantsuwa ba tare da "ni na yi" ko ɗaya ba.