Ninkawa da rabawa a cif ɗin 6502: wace hanya ce ta dace da aikinka?

Cif ɗin 6502, wanda kamfanin MOS Technology ya fitar a 1975, shi ne ƙwaƙwalwar Apple II, kuma danginsa ne ke cikin Commodore 64, NES da Atari 2600. Ya iya tarawa, ya iya ɗebewa, ya iya tura bit hagu ko dama, amma ba shi da umarnin ninkawa ko na rabawa. Wanda ke rubuta masa asembili dole ya haɗa nasa, kuma kowace hanya da kuɗinta. Kuɗin iri biyu ne: bait nawa za ta ci a memori, da bugun agogo nawa za ta ɗauka kafin amsa ta fito. Ba kasafai ake samun rangwame a duka biyun ba.

Tambayar farko kafin ka zaɓa ita ce, shin ka san ɗaya daga cikin lambobin tun kana rubuta shirin? In ka sani, kada ka sayi abin da ya fi ƙarfin buƙatarka. Tura lamba hagu sau ɗaya da `ASL` ninkawa ce da 2, sau uku kuma da 8. Tunda 10 ita ce 8 da 2, sai a yi haka:

```
ASL A
STA tmp
ASL A
ASL A
CLC
ADC tmp
```

Bugu 14 kawai, idan `tmp` na shafin sifili, wato bait 256 na farkon memori inda 6502 ya fi saurin karatu. Iyakarta 25, domin 26 sau 10 ya haura 255 ɗin da bait ɗaya ke iya ɗauka, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Wani lokacin ma lissafin bai kamata ba. Allon Commodore 64 layi 25 ne, kowane layi harafi 40, don haka neman farkon layi na nufin ninkawa da 40. Masu rubuta wasanni sukan ajiye amsoshin 25 a tebur, bait 50 ke nan, su ɗauko kai tsaye.

Idan lambobin biyu sai shirin na gudana ake saninsu, abin da ya fara zuwa wa mutum shi ne ya yi ta tara lambar da kanta. Wannan ba na ba da shawararsa sai in mai ninkawar ba za ta wuce uku ko huɗu ba, don a lamba 255 sai an zagaya sau 255.

Hanyar turawa da tarawa ita ce wadda na fi aminta da ita ga yawancin ayyuka. Ɗauki 13 sau 11. A lissafin bit, 13 ita ce 1101, wato 8 da 4 da 1. Saboda haka amsar ita ce 11 sau 8, da 11 sau 4, da 11 ita kanta: 88 da 44 da 11, jimla 143. Cif ɗin yana duba bit ɗin mai ninkawa ɗaya bayan ɗaya, in ya ga 1 ya tara, in ya ga 0 ya wuce:

```
      LDA #0
      LDX #8
      LSR num1
loop: BCC skip
      CLC
      ADC num2
skip: ROR A
      ROR num1
      DEX
      BNE loop
```

Dabarar da ke ciki ta cancanci a tsaya a kanta. Maimakon a riƙa tura `num2` hagu, wanda zai sa ta buƙaci bait biyu, amsar ce ake turawa dama. Abin da ya zube daga tarawar yana zama a tutar `C`, sai `ROR A` ya mayar da shi saman `A`. Bit ɗin da ya faɗo daga ƙasan `A` ya shiga saman `num1`, a daidai lokacin da bit na gaba na mai ninkawa ke fita ta ƙasanta. Bayan zagaye takwas, babban rabin amsar na cikin `A`, ƙaramin na cikin `num1`. Ka lura lambar da ka saka a `num1` ta tafi, in kana son ta sai ka kwafe ta tun farko.

Farashinta bait 17, da bugu tsakanin 128 da 160, gwargwadon yawan 1 da ke cikin `num1`. A cif mai bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa wannan ba komai ba ne idan sau ɗaya ko biyu ake kiranta. Amma a NES, ɗan lokacin da ake da shi na taɓa memorin hoto tsakanin wani hoto da na gaba bugu 2,270 ne ko kusa da haka, don haka ninkawa goma sha huɗu sun cinye shi.

A nan ne teburin rubu'in murabba'i ke shigowa. Tushensa wannan ƙa'idar ce:

```
a*b = (a+b)^2/4 - (a-b)^2/4
```

A misalinmu, 13 da 11 sun ba da 24, murabba'inta 576, rubu'insa 144. Bambancinsu 2, rubu'in murabba'inta 1. Ɗebe 1 daga 144, ga 143. Ko jimlar ta zo mara babu matsala, domin a lokacin bambancin ma mara ne, guntun da aka zubar a ɓangarorin biyu iri ɗaya ne. Ana lissafa teburin tun da wuri, sai ninkawa ta koma ɗauko lamba biyu da ɗebewa, a kusan rabin lokacin hanyar turawa da tarawa ko ƙasa da haka. Sai dai jimlar tana iya kai 510, kowace amsa kuma bait biyu ce, teburin ya kama bait 1,024. A Commodore 64 mai kilobait 64 wannan araha ne. A kaset ɗin Atari 2600 mai kilobait 4, rubu'in gidan ke nan ka bai wa baƙo ɗaya.

Rabawa ta fi tsada, kuma zaɓi a cikinta kaɗan ne. Idan da 2, 4 ko 8 ne, `LSR` ya wadatar, muddin lambar ba ta ƙasa da sifili ba ce. Sauran kuwa sai doguwar rabawa irin ta firamare, bit ɗaya a kowane zagaye:

```
      LDA #0
      LDX #8
loop: ASL num
      ROL A
      CMP den
      BCC skip
      SBC den
      INC num
skip: DEX
      BNE loop
```

Gwada 200 a raba da 7. Bit ɗin 200 su ne 11001000, suna shiga `A` ɗaya ɗaya: 1, sai 3, sai 6, duk ba su kai 7 ba. A na huɗu ta zama 12, aka ɗebe 7 saura 5. Daga nan 11 saura 4, 8 saura 1, sai 2, sai 4. Amsar da ta taru a `num` ita ce 00011100, wato 28, ragowar 4 kuma na cikin `A`. Ba a sa `SEC` kafin `SBC` ba domin `CMP` ya riga ya bar `C` a kunne. Kuɗinta bugu 150 zuwa 200 ne ko kusa da haka.

Wurare biyu ne take yaudarar mutane. In `den` sifili ce, cif ɗin ba zai yi ƙorafi ba, zai miƙo maka 255 kamar amsar gaskiya, don haka kai ne za ka duba kafin ka kira ta. Na biyun yana bayyana ne lokacin da ka faɗaɗa ta don raba lamba mai bit 16 da mai bit 8. Ragowar tana iya haura 127, `ROL A` ya ninka ta ta zube cikin `C`, sai `CMP` ya goge shaidar. Alamarsa ita ce duk gwajin da ka yi da ƙananan lambobi ya fito daidai, amma da mai rabawa ta wuce 128 wasu amsoshin su fara kaucewa. Maganinsa `BCS` guda ɗaya bayan `ROL A`, wanda zai tsallake `CMP` ya tafi kai tsaye wurin `SBC`.