Na kai fayil ɗin ƙorafin kwangilarmu a taƙaita mana: ga yadda ta kaya

Ranar Laraba 2 ga Afrilu 2025, wato ranar da aka koma aiki bayan hutun ƙaramar Sallah, na ɗauki fayil ɗin ƙorafinmu na kai wa wani dattijo a Kaduna. Tsohon jami'in sashen bayar da kwangila ne, yanzu yana da ɗan ofis inda yake karɓar fayil ya mayar da shi shafi huɗu ko biyar: jerin abin da ya faru rana bayan rana, abin da kowane ɓangare ya ce, da hukuncin da aka yanke a kowane mataki. 'Yan kwangilar da ke hulɗa da ma'aikatun tarayya sun san irin wannan aiki, sun kuma san kuɗinsa.

Ban je da wani fata ba. Lauyanmu ne ya ce ba zai zauna karanta shafi ɗari uku da wani abu ba, sai an tace masa. Ni kuwa a raina na riga na haƙura, domin a lissafina lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce tun ranar Sallah. Niyyata kawai in samu abin ajiyewa, in nuna wa abokan kasuwancina cewa ba sakaci muka yi ba.

Aikin na rijiyoyin burtsatse ne masu sola, na wata ma'aikatar tarayya, mu kuma rukuni na biyu muka nema. Ranar buɗe takardu an karanta farashinmu a gaban kowa, naira miliyan 86.4, shi ne mafi ƙanƙanta. Daga baya muka ji an bai wa mai miliyan 94. Muka rubuta ƙorafi ga Babban Sakatare, aka buga mana hatimin karɓa ranar Litinin 3 ga Maris. Amsarsu ta zo ɗauke da kwanan wata 20 ga Maris, tana cewa ƙorafin ba shi da tushe. Na san ana ba da kwana goma a kai maganar gaban Hukumar Kula da Bayar da Kwangiloli ta Ƙasa, wato BPP, sai na ƙirga da yatsu daga 20 ga wata na tsaya a 30. Ranar da muka dawo daga hidimar Sallah na ce shi ke nan, ƙofa ta rufe.

Juma'a da safe, 4 ga Afrilu, dattijon ya kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Alhaji, ambulan ɗin da wasiƙar nan ta zo a ciki yana ina?" Na ce, "Baba, ai ina jin yana can ƙarshen fayil, yarinyar ofis ba ta zubar da komai." Ya ce ya gan shi, so yake in zo in gani da idona. Da na je ya juya ambulan ɗin. A bayansa akwai 'yar takardar kamfanin aika saƙo da aka maƙala, da sa hannun maigadinmu, da kwanan wata: Laraba 26 ga Maris. Wasiƙar da aka rubuta ranar 20 ba ta iso hannunmu ba sai bayan kwana shida. Wallahi ni da nake riƙe da fayil ɗin ban taɓa juya ambulan ɗin nan ba.

Sai ya buɗe sashe na 54 na Dokar Bayar da Kwangilolin Gwamnati ta 2007 ya nuna mini abu biyu. Na farko, kwana goman nan ranakun aiki ne, ba a ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati. Na biyu, dokar ta ce ana fara ƙirgawa daga ranar da aka sanar da mai ƙorafi hukuncin, ba lallai ranar da aka rubuta a saman wasiƙa ba. A shafin farko na taƙaitawar ya yi lissafin sau uku, kuma wannan ne ya fi burge ni. In aka fara daga 26 ga Maris, aka cire ƙarshen mako da hutun Sallah na Litinin 31 ga Maris da Talata 1 ga Afrilu, wa'adin zai cika Juma'a 11 ga Afrilu. In wani ya ce a fara daga 24 ga Maris, ranar da kwana goma sha biyar na aiki da doka ta bai wa Babban Sakatare suka ƙare, wa'adin Laraba 9 ga wata ne. In kuma ma'aikatar ta kafe a kan kwanan watan da ke saman wasiƙarta, to Litinin 7 ga Afrilu. Ya ja layi a ƙarƙashin na ƙarshen ya ce, "Wannan za ku bi. Kada ku ba kowa abin gardama a kan lokaci, alhali gardamarku a kan aiki take."

Jikina ya yi sanyi a kujerar nan. Ashe saura ranar aiki ɗaya. Lauya ya kwana biyu yana rubutu, Asabar da Lahadi, ranar Litinin kafin azahar ƙorafin ya shiga Abuja da hatiminsa. Da a ce wannan shafi ɗaya kaɗai ya ba ni, da na ce kuɗina ya halatta. Kowane layi a jerin ranakun yana ɗauke da lambar shafin da aka samo shi, domin shi da kansa ya bi fayil ɗin da fensir ya sa lamba daga 1 har ƙarshe kafin ya fara karantawa. Ya kuma raba kowace wasiƙa gida biyu, ranar rubutawa da ranar karɓa, inda babu shaidar karɓa ya rubuta cewa babu, bai cike da zato ba.

Sashen da'awar ɓangarorin ma ya buɗe mini ido, ko da yake ban ji daɗinsa ba. Ni abin da nake ta faɗa shi ne mu ne mafi arha. Ya rubuta wannan, ya bi shi da bayani cewa doka ba mafi arha kawai take nema ba, mafi arha take nema cikin waɗanda suka cika duk sharuɗɗa bayan an tantance. Saboda haka ainihin rigimar ita ce dalilin da aka cire mu. Ya nuna cewa dalilin ma'aikatar ya canza a hanya. A wasiƙarsu ta farko sun ce takardar shaidarmu ta hukumar fansho ta ƙare ranar 31 ga Disamba 2024, alhali an buɗe takardu 21 ga Janairu. Ya ɗauko tallar aikin da ta fito a Disamba, inda su da kansu suka nemi takardar da ke aiki har 31 ga Disamba 2024. A nan muna da ƙarfi. Amma a amsar 20 ga Maris sun ƙaro wani dalili: an nemi shaidar ayyuka uku irin wannan, mun kawo wasiƙun bayar da aiki guda uku, takardar shaidar kammala aiki kuwa biyu kacal. Ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙorafinmu na 3 ga Maris bai taɓa wannan batu ba, kuma a fayil ɗin babu takarda ta uku. Gaskiya ce, ta yi mini ɗaci, amma gara na ji ta a Kaduna da in ji ta a Abuja.

To, sai dai tun da na fara rubuta wannan abin da ya ɓata mini rai yake dawo mini, kuma ba zan rufe shi ba. A shafi na uku ya rubuta farashinmu miliyan 84.6 a maimakon 86.4. Lambobi biyu ne suka yi musayar wuri, amma lauya ya kwafe shi haka cikin daftarin farko. Allah ya sa akawunmu ya duba da daren Lahadi. Ka yi tunanin ƙorafi ya isa gaban hukuma da farashin da ya saɓa wa takardar da aka karanta ranar buɗewa, ai ɗayan ɓangaren ba ya buƙatar wata hujja, sai ya ce ko farashinsu ba su sani ba. Mutumin da ya gano 'yar takarda a bayan ambulan bai kamata ya kasa sake duba lambar da duk rigimar ta rataya a kanta ba. Da na kira shi ya ce, "Afuwan Alhaji, yaron da ke buga mini ne." Ni ba yaron na biya ba.

Sashen hukunce-hukunce kuma shi ne mafi rauni, kamar ya gaji kafin ya kai nan. Ya rubuta layi ɗaya cewa ma'aikata ta cire mu ranar 11 ga Fabrairu. Alhali wasiƙarsu ta ambaci abu biyu dabam: kwamitin tantancewa ya ba da shawara ranar 11, kwamitin bayar da kwangila na ma'aikatar ya amince daga baya. Na farko shawara ce, na biyun ne hukunci, shi ne kuma ake neman a soke. Lauya ne ya raba su da kansa, bayan ya koma cikin fayil ɗin da aka ce an taƙaita masa don kada ya koma. A wannan sashe babu lambar shafi ko ɗaya, saboda haka ba ka da hanyar gane inda ya samo magana sai ka bi takardu ɗaya bayan ɗaya. Da na nemi a gyara waɗannan wurare biyu, sai aka ce in ƙara wani abu na sake bugawa. Kuɗin ba yawa, amma biyan kuɗin gyaran kuskuren da ba nawa ba ya tsaya mini a wuya har yau.

Duk da haka in wani ya tambaye ni, zan ce ya kai masa, amma ya kai da wuri, kada ya cire ko ambulan ɗaya daga fayil, ya kuma ce tun farko yana son lambar shafi a kowane sashe, ba jerin ranaku kaɗai ba. In an kawo masa, ya zauna da takardar buɗewa ya gwada kowace lambar kuɗi da idonsa kafin lauya ya taɓa.

A lokacin da na rubuta wannan, a 2025, muna jiran BPP. Doka ta ba ta kwana ashirin da ɗaya na aiki, kuma dattijon ya ƙara mana layi a ƙasan jerin: in aka cire hutun Ista na 18 da 21 ga Afrilu da ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, lissafin ya faɗa Juma'a 9 ga Mayu. In hukuncin bai yi mana ba, akwai kwana talatin na zuwa Babbar Kotun Tarayya. Wannan lissafin na sake ƙirga shi da kaina a kan kalanda, ya fito daidai. Takardar kammala aiki ta ukun kuwa na tura ƙanina ya karɓo ta daga inda muka yi aikin, ko da yake lauya ya gaya mini ba lallai a karɓi takardar da ba ta cikin ambulan ɗinmu ranar buɗewa ba.