Kaza guda a obin: tsumawa a ruwan gishiri ko shafa gishiri, dunƙule ko a baje

"Duk lokacin da na gasa kaza guda a obin, ƙirjin yakan bushe kafin cinyar ta nuna, idan kuma na sauke da wuri sai in tarar da jini a gindin cinya. An ce in riƙa jiƙa ta a ruwan gishiri, wasu kuma sun ce in shafa gishirin kawai. Wanne ya fi?"

'Yar'uwa, nama iri biyu ne a jikin kaza ɗaya, kuma kowanne da zafin da yake nuna a kai. Ƙirji tsoka ce zalla marar kitse, wadda take matse ruwanta sosai da zarar zafin cikinta ya kusanci digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, alhali digiri 74 ne zafin da ake ɗauka cewa naman kaza ya kuɓuta daga ƙwayoyin cuta. Cinya kuwa cike take da jijiya da kitse, ba ta yin laushi sosai sai ta kai digiri 80 zuwa 85. Idan an kwantar da kaza a kan bayanta, ƙirjin ne yake sama yana shan zafi kai tsaye, gindin cinya kuma yana maƙale a jikin ƙashi inda zafi ke isa a makare. Gishiri yana sa ƙirji ya jure jiran cinya, amma abin da ke rage tsawon jiran shi ne yadda aka shimfiɗa kazar, don haka zan kwatanta miki duka biyun da kazar turawa mai nauyin kilo 1.5.

Tsumawa a ruwan gishiri ana yin ta ne da giram 50 zuwa 60 na gishiri a kowace lita ta ruwa, wato kimanin cokalin cin abinci uku a shafe idan gishiri mai laushi ne. Kaza irin wannan takan buƙaci lita uku kafin ruwa ya sha kanta, kuma za ta zauna a ciki awa 6 zuwa 12 a wuri mai sanyi. Gishirin yana sassauta zaren tsokar, sai naman ya sha ruwa kuma ya rage matsewa a kan wuta. Illarta biyu ce. Ruwan da naman ya sha ba romon kaza ba ne, shi ya sa ɗanɗanon yakan ɗan yi salam, sannan fatar takan jiƙe ta ƙi yin ƙamas sai an tsane ta da kyau an bar ta ta sha iska a firij. Idan kuma aka manta da ita ta wuce yini guda a ruwan, naman zai yi gishiri ya koma kamar soso, kuma babu dahuwar da za ta gyara shi.

Shafa gishiri ba ya buƙatar ruwa. Ana auna kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin kazar, wato giram 12 zuwa 15, kimanin cokalin shayi biyu zuwa biyu da rabi. Ki zura yatsa tsakanin fata da ƙirji daga wajen wuya, ki ɗaga fatar a hankali kada ta yage, ki shafa rabin gishirin a kan tsokar kanta, sauran kuma a cinyoyi da baya da ciki. Bayan ɗan lokaci za ki ga raɓa ta fito a jikin naman, kada ki goge ta, domin ruwan kazar ne gishiri ya jawo, kuma zai narkar da gishirin ya koma da shi ciki. Ki bar ta a buɗe a ƙasan firij awa 12 zuwa 24, nesa da abincin da aka riga aka dafa. Washegari fatar za ta bushe ta ɗame, kuma irin wannan fatar ce take yin ja da ƙamas. Idan za ki sa magi ko yaji, ki rage gishirin, tunda su ma da nasu a ciki. Yaji mai ƙuli-ƙuli kuma a bar shi sai an kusa saukewa saboda saurin ƙonewa.

Ni shafawa nake zaɓa, saboda ɗanɗanon kazar ya fi fitowa kuma aikin ya fi sauƙi. Sai dai tana dogara da firij mai sanyi ƙasa da digiri 5 har tsawon dare, kuma a inda wutar lantarki ba ta tsayawa wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. A irin wannan hali tsumawa ta fi aminci: a narkar da gishirin a ruwa kaɗan, a cika ma'aunin da ƙanƙara a cikin kula, a tabbatar akwai sauran ƙanƙara tana yawo har lokacin cirewa, a kuma taƙaita zuwa awa 6.

Sai batun shimfiɗa, wanda a ganina ya fi gishiri tasiri a kan matsalarki. Kaza dunƙule takan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da kwata a digiri 200. Ana iya taimaka mata ta hanyar barin ƙafafun a sake ba a ɗaure ba, a juya su zuwa can cikin obin inda zafi ya fi yawa, a kuma lulluɓe ƙirjin da takardar alminiyam idan ya yi ja da wuri. Duk da haka gindin cinya yana nan a ɓoye. Bajewa ita ce abin da masu gasa kaza a kan garwashi suka daɗe suna yi: a kifa kazar, a yanke gefe biyu na ƙashin baya da almakashi mai ƙarfi a cire shi, a juyo ta, a danna ƙashin ƙirji da tafin hannu har a ji ya yi ƙaras. Da haka cinyoyin sun fito fili a gefe inda zafi ke dukansu, ƙirjin mai kauri kuma ya koma tsakiya. A digiri 220 takan nuna cikin minti 40 zuwa 50, kuma sau da yawa cinya takan haura 80 daidai lokacin da ƙirji ke kusantar 70. Abin da za ki rasa shi ne kyan gani na kaza dunƙule a faranti, wanda wasu ke so a gaban baƙi.

Kowace hanya kika bi, ki soka ma'aunin zafi a wurin da ƙirji ya fi kauri, sannan a cikin cinya ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Ki sauke idan ƙirji ya kai 70 zuwa 71, ki bar ta ta huta minti 10 zuwa 15, domin zafin cikinta zai ci gaba da hawa ya kai 74, ruwan kuma ya zauna a naman maimakon ya malale a katako. Idan babu ma'auni, ki soka wuƙa a gaɓar cinya: ruwan ya fito garau, ƙafar kuma ta motsa a sake. Jan da ake gani a jikin ƙashin ƙaramar kaza wani lokaci launin ɓargo ne, wanda yakan zauna ko bayan ta nuna. Ɗanyen nama kuwa yakan yi santsi da ƙyalli ya ƙi rabuwa da ƙashi. Idan ƙirji ya nuna cinya ba ta kai ba, ki yanke cinyoyin ki mayar da su obin su kaɗai na minti 10.

Duk waɗannan lissafe-lissafe na kazar turawa ne. Kazar Hausa ta girmi wannan, jijiyarta ta fi tauri, kuma gishiri ba ya narkar da jijiya, don haka ita sai a fara sulala ta a tukunya da wuta kaɗan har cinya ta yi laushi, sannan a sa ta a obin mai zafi na minti 15 don fatar ta yi ja.