Farashin canji na Babban Bankin Turai a jadawalin kayan da nake shigowa da su

Na jima ina jawo farashin canji na Babban Bankin Turai zuwa jadawalin Excel da nake fitar da farashin kaya a ciki, kuma gaskiya yana biya mini buƙata. Kyauta ne, fayil ɗinsu `eurofxref-hist.csv` kuma ya taro tun daga 1999. Komai da yuro ake auna shi, don haka idan yuwan ɗin China nawa ne dala kake nema, sai ka raba farashin yuwan da na dala.

Inda aikin yake shi ne ranakun da babu farashi. Sau ɗaya ake fitarwa a ranar aiki, wajen ƙarfe 4 na yamma agogon tsakiyar Turai. Asabar da Lahadi babu, haka 1 ga Janairu, 1 ga Mayu, 25 da 26 ga Disamba, da Juma'a da Litinin na Ista. Takardar kuɗin kaya kuwa ba ruwanta da hutu. Idan ta zo da kwanan Asabar, abin da nake sawa ke nan:

```
=XLOOKUP(A2, Kwana, Farashi, , -1)
```

`A2` kwanan takardar ne, `Kwana` da `Farashi` kuma sunayen da na sa wa jerin ranaku da jerin farashin canji ne. Wannan `-1` ɗin ne ke sa a ɗauko ranar ƙarshe da ta gabata idan ba a samu ranar daidai ba. A yi hattara da `VLOOKUP` mai `TRUE`: fayil ɗin daga sabon kwana yake farawa, shi kuwa yana son tsoho a sama, in ba haka ba sai ya miƙo lambar da ba ita ba ko kuskure. A gefe na ƙara gurbin da ke nuna kwana nawa farashin ya yi. A makon Ista na Alhamis ne za ka riƙe har yammacin Talata, to gara ka gani da idonka.

Sai maganar datse lamba. A ce dala tana yuwan 7.1836, ka sayi kaya guda 20,000 a kan yuwan 3.40 kowanne. Guda ɗaya ya kama dala 0.4733. In ka mai da shi 0.47 kafin ka ninka, jimla 9,400 za ta fito, alhali yuwan 68,000 ɗin dala 9,466.01 ne. Dala 66 sun bi ruwa ba tare da wani gurbi ya nuna kuskure ba. Shi ya sa nake barin farashin canji da duk lambobinsa, `ROUND` sai a jimlar ƙarshe kawai. Rage lambobin da ido ke gani a gurbi ba ya taɓa lissafin da ke ƙasa, wanda ya duba da kalkuleta sai ya ga kamar akwai saɓani.

Bankin da kansa ya ce farashin na bayani ne, ba na ciniki ba. Wanda zai sayar maka da dala zai ɗora nasa, don haka na ware wa wannan ƙarin gurbinsa daban, ina gyara shi duk lokacin da na biya kuɗin kaya.