Ƙofar akurki mai rufe kanta: wai ba ta maƙalewa, to tawa ta maƙale

Gaskiya da farko na ji daɗin ƙofar nan sosai. Sensan haske yana aikinsa, gari na wayewa moto zai naɗe igiya ƙofa ta ɗaga, duhu ya fara kuma ta sauka. Ko an haska ta da tocila cikin dare ba ta buɗewa, don sai hasken ya ɗan jima kafin ta motsa. Nan kam sun yi ƙoƙari.

Amma maganar da mai sayarwa ya yi ta nanatawa, wai makunnai biyun nan na sama da ƙasa sun hana ta maƙalewa, a nan muka raba gari. Makunnin ƙasa ba ya tsayar da moto sai ƙofar ta sauka ta danna shi, abin da ya sani ke nan. To kashin kaji da diddigar katako sun taru a ƙasan layin da ƙofar ke bi har sun bushe sun yi tauri, sai ƙofar ta zauna a kansu saura kamar santimita 2 ta taɓa makunnin. Shi kuma moto bai samu labarin an iso ba, ya ci gaba da sakin igiya har ta ƙare, sannan ya fara naɗe ta ta baya, ƙofar da ta riga ta sauka ta sake ɗagawa, kafin ya kashe kansa ta kai rabi. Haka akurkin ya kwana a buɗe, muzuru ya shiga ya kashe min kaji biyu masu ƙwai, wallahi har yanzu abin yana min ciwo.

Yadda na gano, da safe lokacin buɗewa sai na ga ƙofar tana yin ƙasa maimakon sama. In ka ga haka leƙa inda igiyar ke naɗuwa, za ka tarar ta juya. Na warware ta na mayar daidai, na kankare layin, na sa ɗan katako a bakin ƙofa ta ciki don kaji su daina turo shara wurin. Yanzu lokaci lokaci ina gwada makunnin da yatsa tana cikin sauka, in moto bai tsaya nan take ba to akwai matsala.

Tun daga nan lafiya lau take aiki, har na fara cewa zan ƙaro ta biyu. Sai dai in na tuna ko 'yar fitila ja babu da za ta nuna ƙofa ba ta kai ƙasa ba, kuma takardar da ta zo da ita ba ta ce uffan kan share layin ba, raina sai ya sake ɓaci. Ta biyun nan na fasa, sai na samu wadda take yanke wuta da zarar igiya ta saki.