Bahon wanka na sitil: wata huɗu ina amfani da shi a Jos, ga abin da na gani

Ni dai bahon zubin ƙarfe na so, wato kas ayon, irin wanda na taɓa shiga a wani tsohon gida a nan Jos, amma da na ji kuɗinsa sai jikina ya yi sanyi, ga shi mai kayan ya ce nauyinsa ya haura kilo 100 kuma banɗakina a saman bene yake, sai an nemo ƙarti huɗu ko biyar kafin ya hau, ban da ruwa lita 150 da mutum a ciki. Sai ya nuna min na sitil wai ai ƙarfe ƙarfe ne, kilo 30 da ɗoriya, mutum biyu sun ɗauke shi, kuɗin ma bai kai rabi ba. Akwai na akirilik a gefe, na danna shi da hannu na ji yana ɗan lotsawa na ce roba ce wannan, ban ko taya ba.

Saboda Hajiya na sayi na sitil ɗin fa, gwiwa ke damunta, tana jin daɗin zama cikin ruwan ɗumi. Daren farko cikin hunturu na juye mata duk ruwan hitar mai lita 50, na sirka, na taɓa na ji daidai. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba ta ƙwala min kira wai ruwan ya huce, kuma da ta jingina bayanta sai ta ji kamar ta jingina da ƙofar firij. Wallahi kunya ta kama ni. Ashe sitil ɗin siriri ne, yana zuƙe zafin ruwan ya miƙa wa iskar da ke ƙarƙashinsa. Kas ayon ma yana shan zafi da farko amma kaurinsa na riƙewa, shi kuwa akirilik ɗin da na raina ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri, a gidan ƙanwata shi ne, tana gama yi wa yara biyu wanka ruwan da sauran ɗuminsa.

Fulamba ya cire tayil ɗin gefe ya fesa kumfar nan mai kumbura a ƙasan bahon, gaskiya an samu sauƙi, har ƙarar da yake yi kamar ana tara ruwa a garwa ta ragu. Kuma wajen wankewa ba ni da ta cewa, ba ya karcewa, na ƙanwata duk ya yi zane-zane. Har na fara cewa ban yi asara ba.

Sai kuma sifana ta suɓuce wa yaron fulamban ta faɗa ciki, fentin ya ɓantare daidai bakin magudana kamar tsohuwar langa, yanzu tsatsa ta fara fitowa a wurin. Na liƙe da maganin gyaran da ake sayarwa amma launin bai zo ɗaya ba, kullum na shiga can idona yake fara sauka. Banɗakin ƙasa akirilik mai kauri zan sa.